In Ji Wa?

A makon jiya aka mayar mana da takardun da muka rubuta a kan ganuwar birnin Kano. Da yawa daga cikinmu mun ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, ya kuwa yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Malam ya ja layi da jan tawada, ya rubuta a gefe, "In ji wa?" Maki ya zube.

Da fari mun ga kamar tsanani ne, gama ko yaron Ƙofar Mata ya san wannan labari. Amma da muka bi diddigi sai muka ga magana biyu ce muka haɗa. Tarihin Kano na Larabci shi ya ba da labarin ganuwa, amma yawan shekarun da kowane sarki ya yi kaɗai ya faɗa. Lissafin 1095 da 1134 na H. R. Palmer ne, wanda ya juya littafin da Turanci a 1908. Wanda bai ambaci Palmer ba ya mai da lissafin mutum ɗaya kamar abin da aka tarar a rubuce tun zamanin Gijimasu.

Hanyar da muka ɗauka ita ce ta suna da shekara. Inda maganar ta ƙare sai mu buɗe baka, mu sa sunan mai littafi, da shekara, da shafi. In daga shafin farko na fassarar muka ɗauko, (Palmer 1908: 58) ke nan. Can ƙarshen takarda kuma, inda a ke jera sunaye bisa abacada, sai mu cika bayani: Palmer, H. R., 1908, "The Kano Chronicle", Journal of the Royal Anthropological Institute, juzu'i na 38, shafi 58 zuwa 98. Yadda muka tsara na farko haka za mu tsara sauran duka, har waƙafi da aya. Ba a fara da baka a ƙare da lambobi a gindin shafi.

Ga inda tarko ya ke. An sake buga fassarar nan a Ikko a 1928, cikin juzu'i na uku na Sudanese Memoirs, shafuffukan kuwa dabam ne. Ɗayanmu ya karanta bugun 1928, ya kwafi shafinsa, sa'an nan ya sa 1908 don ya ga ta fi tsufa. Malam ya buɗe mujallar, ya nemi shafin, ya tarar da wani zance dabam. Bugun da ke hannunmu shi za mu ambata.

Kafin mu miƙa takarda sai mu ɗauki fensir mu bi bakunan ɗaya bayan ɗaya, kowane suna da shekararsa mu nemo shi a jerin ƙarshe mu yi masa alama. Wanda ya rage ba alama, ba mu ambace shi a ciki ba, sai a soke shi, ko da littafin ya yi kauri.