Shawara Ga Mai Gidan Haya: A Faɗi Sharaɗi Kafin A Karɓi Kuɗi

Yawancin husumar da ke tashi a gidajen haya, musamman irin na cikin birnin Kano inda iyali uku ko huɗu ke tarayya a tsakar gida ɗaya, asalinta shi ne mai gida ya karɓi kuɗi ya miƙa makulli, sa'an nan bayan an tare ya fara kafa dokoki. A wurin malaman fiƙihu kuwa, haya ijara ce, sharaɗin da ba a ambata lokacin ƙulla ta ba, al'adar gari kuma ba ta san shi ba, ba ya lizimtar ɗan haya. Saboda haka sai ka zaunar da shi a zaure gaban dillali ko wani dattijon unguwa, ka bayyana masa kowace ƙa'ida tare da hujjarta, a rubuta.

Ka fara da baƙi, domin nan mutunci yake. Ka ce masa, "Malam, gidan nan akwai matan aure, don haka baƙo namiji iyakarsa zaure, ya yi sallama ya aiki yaro." Ɗan'uwan da ya zo kwana ba a hana shi, amma tun da haƙƙin liyafa kwana uku ne, wanda zai zarce haka a sanar da kai, a lissafa shi cikin masu amfani da ruwa. Kai ma ka sani, ɗakin da ka bayar haya manfa'arsa ta bar hannunka, ba ka shigarsa sai da izini.

Ruwa shi ya fi kowane abu haddasa gaba, kuma a ganina rabon kuɗinsa bisa yawan ɗakuna zalunci ne, ko da yake ya fi sauƙin lissafi. A ce ɗaki huɗu ne, mutum 12, kuɗin wata naira 6,000: in an raba bisa ɗaki, gwauro ya biya 1,500 daidai da magidancin da suke su biyar a ɗaki, alhali in an raba bisa kai, gwauron ya ba da 500, magidancin 2,500, babu mai jin an ci haƙƙinsa. In rijiya ce, a ajiye mata guga ɗaya da ba ya taɓa ƙasa, a nisanta wanki da wanke-wanke daga bakinta.

Game da girki, ka nuna masa gurbin murhunsa a madafi, ka hana shigar da gawayi ɗaki a rufe ƙofa lokacin hunturu, gama iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kuwa kashe mai barci. Sharar tsakar gida da wankin makewayi su zama kwana-kwana, ɗaki bayan ɗaki, a kuma ambata masa ranar da nasa zai fara.