Amsoshin Tambayoyinku: Kwangilar da ke Sabunta Kanta

Malama mai sauraronmu daga Zariya ta ce ya za ta fitar da ranakun yarjejeniyoyin 'yan kwangilarta zuwa kalanda guda.

To Malama, ranar ƙarewar kwangila ita kowa ke fara rubutawa, amma wadda ke jawo asara ita ce ranar ƙarshe ta ba da sanarwa. A ce kwangilar mai kawo miki man janareta za ta ƙare ran 31 ga Disamba, kuma ta ce za ta sabunta kanta na shekara guda muddin ba a ba da sanarwa a rubuce kwana 90 kafin nan ba. Idan kika ƙirga baya, 2 ga Oktoba ke nan. Kika wuce ta, kin ɗaure kanki wata shekarar, wataƙila ma da ƙarin farashi.

Ki duba kuma ko ana ƙirge daga ranar aika wasiƙar ne ko ranar da ta isa hannunsa. Saboda haka ki sa tunatarwa tun farkon Satumba, ki rubuta lambar sashen kwangilar da ya yi maganar sanarwar a gefenta. Kada ki manta da takardun gyara da aka sa wa hannu daga baya, domin sukan sauya ranakun.