Na Biya Ta Jika 15, Ta Tona Mini Asiri

 Ni mai haɗa sabulun salo da man kaɗanya ce a Zermu. An haɗa ni da wata yarinya a Damagaram mai mabiya kusan 8,000 a TikTok, na tura mata jika 15 da sabulu 5 ta yi mini talla. Malam, farkon abin da ta faɗa a bidiyon shi ne wai biyan ta na yi! Ni so na yi ta nuna kamar ita ta saya, ta ce ya kashe mata ƙuraje. Yanzu kishiyata har cewa take sai da kuɗi ake yabon sabuluna. Kuma ciniki bai ƙaru ba. Na kira ta, ta ce haka ƙa'ida take. Wace ƙa'ida ce ta kunyata wanda ya biya ka? In ce ta maido kuɗina, ko in kai ƙara wajen iyayenta?

'Yar'uwarku, daga Zermu

To, ƙanwata. Abin da ya fi ƙona miki rai shi ne abin da yarinyar nan ta yi daidai. Mai kallo yana da haƙƙin sanin yabon da yake ji na kuɗi ne, don ya san yadda zai auna shi. Ta ce ita ta saya alhali kyauta kika aika mata, wannan algus ne, ko da a baki aka yi shi. TikTok ma ya wajabta wa mai tallar kuɗi ya kunna alamar da ke fitowa a ƙasan bidiyo, Paid partnership, ko Partenariat rémunéré in wayar da Faransanci take. A Faransa, dokar 9 ga Yuni 2023 ta ayyana ɓoye irin wannan talla a matsayin laifi. Batun ƙuraje kuwa, ki bar shi: sabulu kike sayarwa, ba magani ba.

Ba ki gaya mini abin da kika ce ta faɗa ba, kuma ina zaton ba ki ce komai ba. A nan cinikin ya mutu. Wanda ya gani a Zango ko Birni ya yi sha'awa, ina za shi ya saya? Ba zai hau mota zuwa Zermu don sabulu ɗaya ba.

Nan gaba, kafin ki tura ko dala, ta aiko miki hoton shafin ƙididdigarta, ki ga inda masu kallonta suke. In rabinsu 'yan Kano ne, rabin kuɗinki ya tafi a banza. Sannan ki rubuta mata sharuɗɗa a WhatsApp, ta amsa a rubuce: abu ɗaya da kike so a sani game da sabulun, farashi, inda ake samunsa a Damagaram, ranar ɗorawa, da cewa bidiyon zai zauna kwana 30 ba a goge ba. Ki ba ta mako 2 ta yi wanka da shi tukuna. Rabin kuɗi a fara, rabi bayan kin ga bidiyon kin amince, kafin ta ɗora.

Kada ki ba ta hadda. Ki ba ta ƙashin maganar, ta faɗa da bakinta, cikin daƙiƙa 30:

"Wannan talla ce, mai sabulun ta biya ni. Sabulun salo ne da man kaɗanya, haɗin Zermu. Mako 2 ina wanka da shi, ga kumfarsa ku gani. Ɗaya dala 100, ana samu a shago kaza kusa da kasuwar Dole. Ga lambar a kan allo, in kun kira ku ce daga wajena kuka ji."

Jimlar ƙarshen nan ce ma'auninki. Duk wanda ya ambaci sunanta, ki ja layi a littafi. A ce ribarki dala 30 ce a kowane sabulu: jika 15 dala 3,000 ne, sai kin sayar da sabulu 100 ta hanyarta kafin kuɗin talla ya fito. In wata ya cika kin ga layi 20, ko dai farashinta ya fi ƙarfin sabulun dala 100, ko mabiyanta ba masu sayenki ba ne.

Yanzu ki sake kiran ta cikin mutunci, ki roƙe ta ta saka farashi da lambarki a sharhin bidiyon. Amma ki fara samun shagon da zai ajiye miki kaya a Damagaram.