Ma'aunan Tantance Hoto a Allon Talla na Intanet: Datsa, Haske da Kwaskwarima

Gabatarwa

Manazarta harshen talla sukan mayar da hankali ga kirari da zaɓen kalmomi, su bar hoton da ke gefen rubutun tamkar ado ne kawai. Alhali kuwa idon mai saye kan hoton yake fara sauka, kuma da shi yake auna gaskiyar abin da kalmomin suka faɗa. Wannan maƙala za ta bi misali guda, wato allon tallar wata jakar fata ja, domin nuna yadda kuskuren datsa kan haifi kuskuren haske, shi kuma ya haifi kwaskwarimar da ta wuce kima.

Datsar Hoto

A ƙaddara an ɗauki hoton jakar da kyamara mai ba da faɗin fiksel 6000 da tsayin fiksel 4000, ana kuma son ɗora shi a allo mai faɗin 1200 da tsayin 400. Faɗin allon ya ninka tsayinsa sau uku, saboda haka tsayin fiksel 2000 kacal za a iya ɗiba daga hoton, rabinsa ke nan ya salwanta. Idan jakar da maratayinta sun kai tsayin fiksel 2600, dole a rasa 600 daga jikinta. A nan ne mai tsara allon kan guntule maratayin ko gindin jakar.

Tambayar da mai nazari zai yi ita ce: shin abin da aka datse yana cikin abin da mai saye ke buƙatar sani? Maratayi shi ke nuna ko jakar ta hannu ce ko ta kafaɗa, gindinta kuma shi ke nuna ko tana iya tsayuwa. Datse su tauye bayani ne. Haka nan ana duba mazaunin jakar. Idan aka raba faɗin allon gida uku, jakar ta zauna kusa da layin fiksel 800, rubutu zai sami fili a hagu ba tare da ya hau kanta ba.

Daidaiton Haske

Domin jakar ta fito cikakkiya da ɗan sarari sama da ƙasa, ana buƙatar tsayin kimanin fiksel 3000, wanda ke neman faɗin 9000, hoton kuwa bai kai haka ba. Mafitar da aka saba bi ita ce a cire jakar a manna ta a kan wani hoton, misali na teburin katako. Daga nan saɓanin haske ke shigowa.

Abubuwa uku ke tona asirin mannawa. Na farko alƙiblar inuwa: idan ƙyallin ƙarfen maɓallin jakar yana hagu, hasken daga hagu ya zo, don haka inuwa dama za ta faɗi. In inuwar sauran kayan teburin ta karkata hagu, to hotuna biyu ne aka haɗa. Na biyu launin haske: hasken rana tsaka yana wajen Kelbin 5500, na ƙwan lantarki mai zare kuwa wajen 2700, shi ya sa yake fatsi-fatsi. Jakar da aka ɗauka a bakin taga za ta yi shuɗi-shuɗi a kan teburin da irin wannan ƙwan ya haska. Na uku duhun da ke daidai inda gindin jaka ya taɓa tebur. Idan babu shi, sai a ga jakar tamkar tana lilo a iska.

Wuce Gona da Iri a Kwaskwarima

Don ɓoye wannan saɓani, mai tsarawa kan ƙara ƙarfin launi, ya goge fatar, ya kaifafa gefuna. Ana gane hakan ta hanyar buɗe hoton a cikakken girmansa. Farin zare da ya kewaye gefen jakar alama ce ta yawan amfani da Unsharp Mask. A jadawalin Histogram kuwa, kowane launi yana tsakanin 0 da 255. Idan jan launi ya cunkushe a kan 255, bambancin da ke tsakanin ja mai duhu da mai haske ya ɓace, ƙwayar fata ta shafe, jakar ta koma kamar ta roba.

Iyakar da ta dace ita ce a cire abin da ba na jakar ba ne, kamar ƙura ko zanen yatsa, a bar abin da yake nata, wato ɗinki da ƙwayar fata da ainihin launinta. Wanda ya sayi ja mai sheƙi a allo aka kawo masa ja mai duhu, zai ce an yaudare shi, kuma yana da hujja.

Kammalawa

A wannan misali, tushen matsalar shi ne ɗaukar hoto ba tare da la'akari da sigar allon ba. Da an ja da baya an ɗauki jakar a kan teburinta, tsayinta bai wuce fiksel 1700 ba, da ba a buƙaci mannawa ba, balle ɓoye ta. Saboda haka mai nazari ya fara da datsa, domin sau da yawa a can ne ake samun dalilin sauran kurakuran.