Kishin sauko: a shirya babba tun kafin ƙaninsa ya iso

A gidajenmu na zango, inda sau da yawa ɗaki ɗaya ne ke ɗauke da uwa da uba da yara, yaron da aka yi wa ƙani yakan rasa abu uku a dare ɗaya: nono, da bayan uwarsa, da shimfiɗarta. Idan duk suka kuɓuce masa ranar da jariri ya shigo, a wurinsa jaririn ne ya ƙwace su. Nan kishin sauko yake farawa. Maganinsa shi ne mu raba waɗannan canje-canje da ranar haihuwa.

Mu ɗauki yaro ɗan shekara biyu da rabi, uwarsa na da cikin wata biyar. Idan za a yaye shi, yanzu ne lokaci, a hankali, ana rage shayarwa ɗaya bayan ɗaya. Bayan wata guda sai a mai da shi tabarmarsa, ko wurin kakarsa, ba tare da an ce "don jariri ne" ba. Goyo kuma a riƙa miƙa shi ga goggo ko yayarsa. Kafin naƙuda ta zo, ya saba. Da ciki ya fito sosai, a ɗora hannunsa ya ji motsi. A faɗa masa gaskiya: ƙanin zai yi ta kuka da barci, ba zai iya wasa da shi ba tukuna.

Ranar suna ita ce jarrabawa. 'Yan barka kowa jariri yake nema, wasu har da tsokana: "An ƙwace maka Umma!" Mu manya wasa muke yi, shi kuwa gaskatawa yake. Iyayenmu kakanni, a taimaka a hana wannan. A ɗinka masa tasa sabuwar riga, baƙo kuma ya fara gaishe shi kafin ya karɓi jariri. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, umarni ne da adalci tsakanin 'ya'ya har a kyauta.

Cikin kwana arba'in na jego za mu iya ganin ya koma fitsarin kwance, ko tsotsar yatsa, ko neman nono. Ba taurin kai ba ne, duka kuma ƙara shi yake yi. A ware masa minti goma kullum a cinyar uwarsa idan jariri ya yi barci, a kuma ba shi ɗan aiki, kamar miƙo zani. Idan ya mintsini jaririn, a riƙe hannunsa a ce "a'a, da zafi", a nuna masa yadda ake shafawa.

Kada a bar su su biyu a ɗaki ko da na minti ɗaya, domin yana iya tura masa abinci a baki ko ya rufe masa fuska. Idan fitsarin ya zo da zafi ko yawan ƙishirwa, wannan ba kishi ba ne, a kai shi asibiti. Allah Ya raya mana su.