Yadda ake tace shawarar masu zuba jari a gyara tsarin sana'a

A ce kana Zinder, ka rubuta tsarin kafa injin matsar man gyaɗa, ka kai wa mutum uku da kake neman kuɗinsu: wani Alhaji ɗan kasuwa a Zango, yayanka da ke Kano, da ma'aikacin banki. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Kada ka taɓa takardar tukuna. Rubuta maganar kowa a ranar da ya faɗe ta, da kalmominsa, don bayan mako guda zuciya takan tausasa abin da ya yi ɗaci.

Sai ka ware sharaɗi daga ra'ayi. Idan na banki ya ce sai da rajistar kasuwanci da lambar haraji ta NIF, ba abin muhawara ba ne, ko ka cika ko ka haƙura da kuɗinsa. Tambayi kowa kai tsaye: "In ban gyara wannan ba, za ka fasa?"

Ragowar kuma ka auna su da lissafi. Alhaji ya ce ka yi kuskure, ka ɗora shekara duka a kan farashin kaka. Wannan magana ana iya gwada ta: shiga kasuwar Dole ka tambayi dillalai uku, kowa daban. A ce ka rubuta buhu 200 a kan sefa 20,000, wato miliyan 4, su kuma suka ce da bazara yakan kai 28,000. In rabin gyaɗar sai lokacin za ka saya, kuɗin ya zama miliyan 4 da dubu 800. Giɓin dubu 800 ke nan, kuma shi ne irin ramin da ke tsayar da inji ana tsakiyar aiki. Wannan gyara dole ne, a gode wa Alhaji.

Yaya kuwa ya ce a kai man Kano ta Dan Barto. Akwai kasuwa, amma an rufe iyakar daga Agustan 2023 har cikin Maris na 2024, naira kuma ta faɗi warwas a tsakanin. Ni dai sai in jingine shi zuwa shekara ta biyu, in gaya masa dalili cikin ladabi. Girman mai magana ba ya canja lissafi.

Rubuta sauyi kuwa, littafi guda ya isa. Kowane layi ya ɗauki kwanan wata, wanda ya ba da shawara, hukunci, dalili, da adadin da da na yanzu. Har wadda ka ƙi ka rubuta ta. Bi sauyin duk inda ya taɓa, domin dubu 800 ɗin nan sai ta motsa jarin da kake nema, farashin lita da ranar fara biyan bashi. In shafi ɗaya ya ce miliyan 4, wani ya ce 4.8, na banki zai gano nan take.

Kada ka goge tsohon tsari. Sa wa sabon "bugu na 2" da kwanan wata, ka aika wa duka ukun a rana ɗaya, da takarda guda a sama mai nuna abin da ya canja.