Waken da Ke Kashe Tsutsa

A kasuwar Tarauni da Gyadi-Gyadi ana yawan gardama kan waken da aka sauya wa halitta, watau SAMPEA 20-T. Masanan Samaru ta Zariya suka fitar da shi a 2019.

Ga yadda aka yi shi. Akwai wata ƙwayar halitta cikin ƙasa mai yin sinadarin da ke huda cikin tsutsa. Masana suka ciro umurnin gādon yin sinadarin, suka dasa cikin ƙwayar wake, suka raine ta har ta tsiro, sa'an nan aka auratar da irin da waken gida. Tsutsar da ke cin fure da kwanso in ta ci sai ta mutu. Amma lalle sai an yi feshi kamar sau biyu, domin sinadarin ba ya taɓa sauran ƙwari.

Hukumar da ta bincika ta ce cinsa ba lahani. Masu suka kuwa suna cewa a mudu ba a iya bambanta shi, mai saye ba shi da zaɓi. Kamfanin Monsanto ya ba da fasahar ba ladan mallaka, amma suna tsoron manomi zai dogara ga kamfanonin iri.